Ribar Da Ba Ta San Damina Ba, Ba Ta San Rani Ba

 Mu 'yan kasuwa ne, 'ya'yan 'yan kasuwa, jikokin fatake. Goro da shanu ne suka kawo kakanninmu wannan ƙasa ta Yarbawa, kuma har yau da saye da sayarwa muke ci. Saboda haka idan abin kunya ne a damfari kowa da sunan zuba jari, to a kanmu kunyar ta ninka, domin abin da ake damfararmu da shi sana'ar gidanmu ce. A watan Afrilu na 2025 kowa ya ga abin da ya faru nan Oke-Ado, lokacin da CBEX ta rufe da kuɗin mutane, fusatattu suka fasa ofis suna kwasar kujeru da na'urar sanyaya ɗaki. Mutum ya zuba miliyoyi, ya koma gida da kujera. Kuma ba a yi nisa ba muka fara jin wasu sababbi sun fito da wasu sunaye, ana raɗa su a majalisu da wayoyin matan aure.

Maganarmu guda ce. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗinka, shi kuma zai riƙa ba ka kashi kaza cikin ɗari kowane wata, ba ragi, ba fashi, uwar kuɗinka kuma tana nan daram, to ba kasuwanci yake yi ba. Ba sai ka ga ofishinsa ba, ba sai ka ji sunan kamfanin ba. Wannan alkawarin shi kaɗai ya isa shaida.

Ku tambayi duk wanda yake sauke albasa ko tumatir daga Arewa. Akwai makon da mota ɗaya za ta mayar masa da abin da bai zata ba, akwai makon da motoci goma za su iso rana ɗaya farashi ya zube, ya sayar ƙasa da yadda ya saro. Mai goro ya san huhun da zai buɗe ya tarar ya ɓaci. Mai shanu ya san abin da hanya take ci. Ɗan canji kuwa, wanda kuɗi ne ma hajarsa, yana iya kwana da dala ya wayi gari ta sauka. Babu wata sana'a a doron ƙasa da ribarta take fitowa daidai wa daida kowane wata kamar albashin ma'aikaci. To yaya aka yi wani yaro mai kwat da waya ya samo sana'ar da ba ta san damina ba, ba ta san rani ba, ba ta san ranar da kasuwa ta faɗi ba?

Mu ɗauki alƙalami, tunda lissafi ba ya jin kunyar kowa. MMM, wadda ta ci mutane a ƙasar nan a 2016, kashi 30 cikin ɗari ta yi alkawari a wata. Idan ka zuba naira 100,000 ka bar ta tana haihuwa, ribar tana hawa kan uwa, bayan wata goma sha biyu ta zama naira miliyan 2 da dubu 300 da 'yan kai. Bayan shekara biyu ta haura miliyan 54. Bayan shekara uku ta wuce biliyan ɗaya. Daga dubu ɗari fa, kuɗin da bai kai na ɗan maraƙi ba. CBEX kuwa cewa ta yi za ta ninka maka kuɗi cikin kwana talatin. Wannan dubu ɗarin, idan ana ninka ta wata-wata, a shekara guda ta haura naira miliyan 400. Wanda yake da irin wannan injin a ɗakinsa, me zai yi da kuɗin mai sayar da suya a bakin titin Mokola? Bankuna suna ba 'yan kasuwa bashi a kan abin da ya kai kamar kashi 30 a shekara, ba a wata ba. Da gaskiya ne, da sai ya je banki ya karɓa ya cinye ribarsa shi kaɗai, bakinsa alaikum. Dalilin da ya sa ya tsallake banki ya zo wurinka shi ne banki zai ce a buɗe littafi, kai kuwa ba za ka ce ba.

Nan ne wani zai ce, "Malam, ai ni na gani da idona, Wane an biya shi, har mashin ya saya." Gaskiya ne an biya shi. Ba mu musa ba. Amma mu duba daga wace jaka kuɗin ya fito.

Mu ƙaddara an buɗe irin wannan kamfani, kashi 30 a wata. Watan farko mutum ɗari suka shiga, kowa da dubu ɗari, aka tara miliyan 10. Ƙarshen wata mai kamfani ya raba miliyan 3 a matsayin riba. Bai sayi komai ba, bai sayar da komai ba, daga cikin kuɗinsu ya yago ya miƙa musu. Saura miliyan 7 a hannunsa, alhali ana binsa miliyan 10. Amma mutum ɗarin nan sun ji alat ya shigo, sun nuna wa 'yan uwa da maƙwabta, sai wata na biyu mutum ɗari biyu suka shiga da miliyan 20. Yanzu yana riƙe da miliyan 27, ana binsa 30, zai raba ribar miliyan 9, saura 18. Wata na uku labari ya cika gari, mutum ɗari huɗu suka kawo miliyan 40. Ya haɗa ya zama 58, ya raba ribar miliyan 21, saura 37, ana binsa 70.

Ku lura da wannan lokacin, domin shi ne lokacin da abin ya fi kyan gani. Kowa ana biyansa a kan kari, an kama babban ofis, ana raba atamfa da buhun shinkafa, ana ɗaukar hoto da manya. Kuma shi ne lokacin da ramin ya riga ya kai miliyan 33. Wata na huɗu unguwa ta fara ƙarewa, duk mai shiga ya shiga, mutum ɗari kacal aka samu. Kuɗin hannu ya zama 47, ya raba 24, saura 23, ana binsa 80. Wata na biyar ko da babu wanda ya nemi uwar kuɗinsa, ribar da zai raba miliyan 24 ce, abin da ke hannunsa 23. Ƙarshen tika-tika, tik. Kuma wannan lissafin mun yi masa adalci ne, mun ɗauka mai kamfanin bai taɓa ko sisi ba, bai biya haya ba, bai biya ladan masu kawo mutane ba. A zahiri ba ya jiran wata na biyar. Da ya ga masu shigowa sun ragu yake tattara abin da ya rage.

Giɓin da ya bari miliyan 57 ne. Ku haɗa duk ribar da ya raba: 3, da 9, da 21, da 24. Miliyan 57 cif. Wato duk nairar da wani ya karɓa da sunan riba, uwar kuɗin wani ce. Mashin ɗin da Wane ya saya, kuɗin bazawarar da ta shiga a wata na huɗu ne. Abin ba sabo ba ne. Wani mutum mai suna Charles Ponzi ya yi shi a birnin Boston na Amurka a 1920, da alkawarin kashi 50 cikin kwana 45, shi ya sa har yau Turawa suke kiran abin da sunansa. Sergei Mavrodi, mai MMM, ya riga ya yi wa mutanen Rasha haka tun 1994, har ya sha ɗauri, sannan aka kawo mana sunan nan ɗin dai muka rungume shi. Suna ake canzawa da labarin da ake rufe shi da shi: jiya taimakon juna, shekaranjiya man fetur, yau cinikin kuɗin ƙasashen waje ko kuɗin intanet, gobe noma da kiwon kaji. MBA Forex da ta tashi daga Fatakwal kashi 15 take cewa a wata, ita ma ta tsaya da biya a ƙarshen 2020. Kada ƙarancin kason ya ruɗe ku. Kashi 15 ko 10 yana jinkirta ranar ne kawai, ba ya hana ta zuwa.

Idan kun fahimci wannan lissafin, sauran alamomin ba sai an haddace su ba, domin duk daga gare shi suke fitowa. Tunda abin yana rayuwa ne da sabon kuɗi, dole ya biya ka ladan kawo mutum. MMM kashi 10 take bayarwa a kan abin da wanda ka kawo ya zuba. Wane ɗan kasuwa ne mai samun riba ta gaske zai fi murna da ka kawo masa ƙaninka fiye da ka kawo masa mai sayen kaya? Tunda kuma fitar kuɗi ce take kashe shi, dole ya nemi dabarar da za ta hana ka cirewa: a ce kuɗinka a kulle yake sai bayan kwana kaza, ko a ce idan ka bar ribar ta hau kan uwa za a ƙara maka kaso. Sai ka riƙa buɗe waya kana ganin lamba tana hawa, zuciya tana sanyi. Lambar da ke fuskar waya ba kuɗi ba ce, jama'a, wani ne yake rubuta ta a ɗakinsa. Kuɗi shi ne abin da ya shigo hannunka ka ƙirga.

Sai maganar takarda, wadda ita ce ta fi cin mutanenmu masu ganin sun yi bincike. Za ka shiga ofis ka ga satifiket a bango cikin gilashi, da tambarin gwamnati. Yawanci na hukumar CAC ne, mai rajistar kamfanoni. Wannan takardar abin da take nufi kawai shi ne akwai kamfani mai wannan suna. Mai gidan burodi yana da ita, mai sayar da taya yana da ita. Ba izinin karɓar kuɗin jama'a ba ce. Haka takardar SCUML da wasu suke ɗagawa suna cewa EFCC ta san da su: rajista ce ta sa ido kan safarar kuɗi, ba shaidar cewa sana'arka ta gaskiya ce ba. Mai karɓar jarin jama'a don ya juya, hukumar SEC ce take yi masa rajista, kuma sunayen waɗanda ta yi wa suna nan a shafinta na sec.gov.ng, yaronka ɗan sakandare zai duba maka cikin minti biyar. Mai karɓar ajiya irin ta banki kuwa lasisin Babban Banki yake buƙata, kuma ajiyar da ke irin waɗannan bankunan ce kaɗai hukumar NDIC take tsaya wa idan an rushe. Idan aka ce ka tura kuɗi asusun wani mutum da sunansa na yanka, yau wannan asusu gobe wancan, ai magana ta ƙare. Ko da ka samu sunan a wurin SEC ma, rajista ba ta mayar da ƙarya gaskiya. Wanda ya ce kashi 20 tabbas kowane wata, ko takardarsa ta cika bango, lissafin nan na sama yana jiransa.

Yanzu mu zo inda ya fi mana ciwo. An gano cewa Bahaushe yana tsoron kuɗin ruwa, sai aka koyi yarenmu. Za ka ji an ce "ai wannan halal ne, kasuwanci ake yi da kuɗin, riba ake raba muku." Wani ma har da buɗe taro da addu'a. To duk wanda ya zauna gaban malami ya yi karatun babin ciniki ya san yadda ƙiradi yake. Mai dukiya ya kawo jari, mai aiki ya kawo ƙarfinsa, a yi sharaɗi a kan kason abin da aka samu: rabi da rabi, ko sulusi da sulusi biyu. Kason ribar da ta fito, ba kason uwar kuɗi ba. Idan an samu dubu hamsin a raba dubu hamsin, idan ba a samu komai ba babu abin rabawa. Idan aka yi asara ba da sakaci ko ha'inci ba, mai dukiya ya yi asarar dukiya, mai aiki ya yi asarar wahalarsa. Da zarar an yanka wani adadi tabbatacce da za a riƙa ba mai kuɗi, ko aka ɗora wa mai aiki lamunin uwar kuɗi ko ta halin ƙaƙa, ƙiradin ya ɓaci. Ya koma bashi mai jawo amfani, kuma kowa ya san sunan wannan. Kun ga ke nan abin da ya sa ɗan kasuwa zai ƙi shi, shi ne dai ya sa malami zai ƙi shi. Ko da a ce da gaske suna juya kuɗin, sharaɗin bai inganta ba, balle kuma babu abin da ake juyawa sai mu.

Wasu suna kwatanta shi da adashi, wanda maƙwabtanmu Yarbawa suke kira esusu. Ba su haɗa hanya ba. A adashi mutum goma suna zuba dubu goma-goma, kowane zagaye mutum ɗaya ya kwashi dubu ɗari, bayan zagaye goma kowa ya karɓi daidai abin da ya zuba. Babu wanda ya ci riba, babu kuma buƙatar mutum na sha ɗaya. Haɗarinsa ɗaya ne, wani ya kwasa ya gudu, kuma uwar adashi ta san gidan kowa. Wancan kuwa ranar da aka rasa sabon mai shiga, ranar ya mutu.

Akwai kuma masu wayo a cikinmu, waɗanda suka san komai. Su ba a ruɗe su ba. Cewa suke yi, "Mun san zai rushe, amma idan ka shiga da wuri ka fita da wuri ka ci." Waɗannan su muka fi jin haushi. Da farko, ba ka san ko da wuri ka shiga ba, domin ranar da labari ya iso majalisarku ya riga ya zaga gari. Na biyu, kusan babu mai fita. Wanda ya gwada da dubu hamsin aka biya shi, ba gida yake tafiya ba, komawa yake da dubu ɗari biyar, har da kuɗin kayan da ya karɓa bashi. Biyan farko ai tsaba ce ake watsa wa kaza. Na uku, a ce ma ka ci ka fita lafiya. Mun riga mun nuna kuɗin wa ka ci. Ka san na mutane ne, ka san ba da yardarsu ba ne, domin su sun zuba ne bisa zaton ciniki ake yi. Wannan ba wayo ba ne, tarayya ce da ɓarawo, sai dai kai ba ka tsallaka katanga ba.

Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, waɗannan kamfanoni ba su san hanyar Sabo ba sai da ɗan gari. Baƙo ba zai shigo ya karɓi kuɗin tsohuwa ba. Wanda yake karɓa shi ne namu: Alhajin da ake ganin girmansa, shugaban ƙungiya, Hajiyar da mata suke ajiya a wurinta, wani lokaci har mai jan salla. Mu da muke zaune nesa da gida, amana ce jarinmu. Da ita ake aiko wa mutum kaya na miliyoyi daga Kano ko Sakkwato ba takarda ba sa hannu, da ita maigida yake saukar da baƙo ya sayar masa da shanunsa. Mai ɗaukar wannan amanar ya sayar a kan ladan kashi 10, ba kuɗin mutum ɗaya ya salwantar ba. Idan abin ya fashe kuma sai ya ce, "Wallahi ni ma an cuce ni." Mai yiwuwa ne. Amma ladan da ka karɓa a kan kowane kai da ka kawo, yana ina? Aƙalla wannan ka mayar wa masu shi. A sani kuma, dokar zuba jari da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Maris na 2025 ta haramta irin wannan tsari ƙarara, ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara goma, ko duka biyun, ga masu gudanar da shi da masu tallata shi. Mai kamfani yana iya kasancewa a wata ƙasa. Kai da ka tara mutane a ƙofar gidanka kana nan, kowa ya san ɗakinka.

Ga wanda kuɗinsa yake ciki a yanzu, ga yadda ƙarshen yake zuwa, domin kusan kullum salo ɗaya ne. Biyan da ake yi cikin awa ɗaya sai ya koma kwana uku. Sai a ce ana gyaran na'ura, ko banki ne ya riƙe, ko gwamnati ce take yi musu hassada. A daidai lokacin sai a fito da garaɓasa: duk wanda ya ƙara kuɗi a wannan makon za a ninka masa. Mai tambaya a zauren WhatsApp sai a cire shi, a ce yana tayar da hankalin jama'a. MMM ta dakatar da biya ne a tsakiyar Disambar 2016, gab da Kirsimeti, lokacin da kowa yake son cire kuɗi, ta ce wata ɗaya kawai. Mu namu lokacin shi ne gabanin Salla da lokacin biyan kuɗin Hajji. Idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, nemi uwar kuɗinka a ranar, kada ka ƙara ko kwabo, kada kuma ka kawo wani don a samu abin biyanka. Ka adana rasit, da lambar asusun da ka tura wa, da saƙonnin da aka yi maka, ka kai ƙara EFCC, wadda take da ofis a nan Ibadan, ka kuma sanar da SEC. Ba ma yi wa kowa alkawarin kuɗi zai dawo, domin mafi yawansa an riga an rabe shi a matsayin riba ko an fitar da shi.

Bayan rushewa kuma akwai cin na biyu. Da CBEX ta rufe, an ce wa mutane su sake zuba dala 100 ko 200 na tantancewa kafin a sakar musu kuɗinsu, kuma akwai waɗanda suka ciwo bashi suka biya. Daga baya sai wasu su ɓullo, wannan ya ce lauya ne, wancan ya ce yana da hanya a cikin hukuma, wani ya ce shi gwanin na'ura ne zai kwato maka, a ba shi kuɗin aiki tukuna. Sunayen waɗanda aka cuta da lambobinsu suna hannun waɗanda suka cuce su, shi ya sa mai kiran zai faɗa maka daidai adadin da ka zuba har ka gaskata shi. Kai ƙara wurin EFCC ko SEC ba a biyan ko sisi, kuma babu jami'in gaskiya da zai kira ka a waya ya ce ka tura kuɗi asusunsa kafin a duba takardarka.